Kuɗina ne a banki amma ya ƙi fita

"Malam, hatsi nake sayarwa a Tudun Hatsi nan Gombe. Sitetimen ɗina ya nuna N850,000 amma na zo yin taransifa an ce N520,000 kaɗai gare ni. Banki ne ya cinye sauran ko yaya?"

Alhaji, kwantar da hankalinka, kuɗinka ba su ɓata ba. Wanda ka gani a takarda, Ledger Balance, shi ne duk abin da banki ya rubuta a littafinsa da sunanka. Available Balance kuma shi ne wanda za ka iya taɓawa yanzu-yanzu. Kamar buhunan da ke sitonka ne, a ido buhu ɗari ne, amma wasu an riga an ba da kafin alƙalami a kansu, suna nan dai amma ba za ka sayar ba.

N330,000 ne tsakani, kuma tun da ban ga akawun ɗinka ba bari in kwatanta maka da abin da ya fi faruwa. A ce wani dila ya zuba maka cek na wani banki, N300,000, ranar Juma'a da yamma. Bankinka zai rubuta shi nan take, wani lokaci har alat ya shigo, amma sai bankin mai cek ya tabbatar akwai kuɗin kafin a sake maka, kuma ranakun aiki ake ƙirgawa, Asabar da Lahadi ba sa ciki, ka ga sai Litinin ko Talata ke nan. Nan ne 'yan damfara ke cin kasuwarsu wallahi, mutum ya ga alat ya loda wa baƙo masara a mota, Talata cek ya dawo babu ko sisi, banki ya goge lissafin. In dai biyan cek ne, kar buhu ɗaya ya bar sito sai kuɗin sun hau Available Balance.

Ragowar N30,000 kuma wataƙila ka saka kati a POS, na'ura ta ce Declined amma an riƙe kuɗin, ba su je wa mai POS ba, kai ma ba su dawo maka ba. Tun 2020 CBN ya ce a warware irin wannan cikin awa 72. In ya wuce haka, ɗauki rasit ɗin ka je banki ka cika fom, shi ya sa nake faɗa da masu yar da rasit a ƙasa.

In kuwa ba cek ba POS, tambayi ma'aikacin banki ko an ɗora wa akawun ɗin takunkumi, abin da suke rubutawa Lien. Bashin da ka ci ko wanda ka tsaya wa wani na iya jawo shi. Ka ce ya buɗe kwamfuta ya faɗa maka nawa aka riƙe, ranar da aka riƙe, da dalili.