Dogon sifana, da lissafin da ke bayansa

Oga barka da aiki. A ajin da nake zuwa da yamma an koya mana kuros furodak, wai ka ɗauki bekta biyu ka samu ta uku mai tsawo da inda ta dosa. Na haddace fomular amma wallahi ban ga me tsawon yake nufi ba, balle inda ta dosa. Malamin ya ce wai a aikinmu na kanikanci ma yana nan. Da gaske ne?

Da gaske ne ɗana, yana hannunka kullum, duk sanda ka ɗora sifana a kan noti.

Ka ɗauka notin yana kan bol da ke tsaye yana kallon sama. Bekta ta farko ita ce hannun sifanan, daga tsakiyar noti zuwa inda ka riƙe, mu kira ta r. Ta biyu ƙarfin da ka sa ne, da yawansa da ɓangaren da ka tura, ita ce F. Abin da r × F yake ba ka shi ne ƙarfin murɗawa, wanda muke cewa tok, wato lambar nan da kake saitawa a jikin tok renci. Don kada x da y da z su ruɗa ka, ka ce x gabas ne, y arewa, z kuma sama. Fomular da ka haddace ita ce dai wannan:

r × F = (ry·Fz − rz·Fy, rz·Fx − rx·Fz, rx·Fy − ry·Fx)

Toh a ce sifana mai tsawon mita 0.3, wato santimita 30, hannunsa na kallon gabas, r = (0.3, 0, 0). Ka tura shi arewa sak da ƙarfin niyutan 100, kusan nauyin kilo 10 kenan, F = (0, 100, 0). Zuba su a fomula, biyun farko sifili ne, na uku 0.3 sau 100, amsa ta fito (0, 0, 30). Tsawonta 30, wato niyutan-mita 30 na murɗawa, kuma ta dosa sama.

A nan yara suke cewa ai Oga ba abin da na tura sama, ni gefe na tura. Haka ne. Kibiyar nan ba hanyar da hannunka ya bi take nunawa ba, sandar da abin yake juyawa a kanta take nunawa, shi ya sa kullum take yin kwanar digiri 90 da r da kuma F duka biyun. Sama ko ƙasa kuma shi ne yake gaya maka wane gefe ake juyawa. Ka miƙa yatsun hannun dama su bi sifanan, ka lanƙwasa su zuwa inda kake turawa, babban yatsa zai nuna amsar. Abin da ya fi burge ni, noti mai tiredi na yau da kullum yana tafiya ne daidai inda babban yatsan ya nuna, in ya nuna sama notin zai hau sama ya kwance, in ya nuna ƙasa zai sauka ya ɗaure. Ranar da kake kwance a ƙarƙashin mota kana kallon noti ta baya kanka ya juye ka rasa ina ne kwancewa, kada ka tsaya tunanin hannun agogo, nuna babban yatsan dama inda kake so notin ya tafi, sauran yatsun za su gaya maka inda za ka murɗa. Sai dai ka kula da masu tiredin hagu irin fedar keke ta hagu da notin tiyon gas na asitilin, su a juye suke, lissafin tok ɗin bai canza ba, tiredin ne aka yanka ta ɗaya gefen.

Kuma jerin yana da muhimmanci, r ce farko. In ka rubuta F × r tsawon zai fito daidai amma kibiyar ta juya ƙasa, ka ɗaure abin da kake son kwancewa a takarda.

Yanzu tsawon. Shi ne |r| sau |F| sau sin θ, inda θ take kwanar da ke tsakanin sifana da turawarka. A ce wuri ya matse, ba ka samu ka tura sak ba, ƙarfin dai 100 ne amma ya karkace, F = (60, 80, 0), wato 60 yana jan sifanan ta tsawonsa, 80 ne kawai yake ƙetare shi. Amsa (0, 0, 24). Gumi ɗaya ka yi amma 6 sun tafi a banza. In kuwa ka ja sifanan ta tsawonsa gaba ɗaya, kwana sifili, amsa sifili, ko ka kwana kana ja notin ba zai motsa ba. In an nuna muku zanen murabba'i mai karkata da bekta biyun suke zama gefunansa, faɗin filin cikinsa shi ne wannan tsawon, yana buɗewa sosai a digiri 90, yana rufewa ya zama layi ɗaya in sun kwanta tare. Da ka zura bututu a hannun sifana ya kai mita 0.6, gefe ɗaya ka ninka, tok ya ninka, kuma haka ake tsinke bol.

Ga wanda nake so ka riƙe da kyau, don shi ne kuskuren da nake ganin kana yi. Kana turawa kana kuma danna sifanan ƙasa da nauyin jikinka. A ce ƙarfin 100 ne har yanzu, amma 80 arewa, 60 ƙasa, F = (0, 80, −60). Lissafa da kanka: na farko sifili, na biyu 0 − (0.3 × −60) wato 18, na uku 0.3 × 80 wato 24. Amsa (0, 18, 24). In ka nemi tsawonta, 18 sau 18 shi ne 324, 24 sau 24 shi ne 576, jimla 900, tushensa 30. Kaga tsawon bai ragu ba ko kaɗan, 30 ne cif kamar na farko, domin turawar tana yin kwanar digiri 90 da sifanan har yanzu. Wanda ya duba tsawo kawai zai ce komai lafiya. Amma kibiyar ta daina bin bol ɗin, ta kwanta zuwa arewa. 24 ɗin da ke sama ne kawai suke kwance noti, 18 ɗin nan suna ƙoƙarin juya sifanan a kan wata sanda daban, su kifar da hannunsa ƙasa, su ɗaga bakinsa daga kan notin, su lanƙwasa bol ɗin.

Za ka gane hakan tun kafin ɓarna. Bakin sifana yana hawa yana zamewa, kusurwoyin notin ta sama suna fara sheƙi suna cinyewa, daga nan sai ka ji ƙwas, ka daki ƙarfe da bayan yatsu. Ni na taɓa karya sitod a kan injin wani ta haka ina yaro, na yi ta rantsuwa ban sa ƙarfi da yawa ba, kuma gaskiya na faɗa, ƙarfin bai yi yawa ba, karkacewa ya yi. Haka in ka sa dogon ekistenshin a kan soket, r ta samu tsawo ta sama, turawar da kake yi sak ma sai ta haifar da wancan ɓangaren mai lanƙwasawa, shi ya sa nake ce maka ka tallafe kan racet da ɗaya hannun.

Gobe in ka zo ka taho da takardarka, ka yi min na sifanan da ke kallon arewa ana tura shi gabas, ka faɗa min notin ɗaurewa zai yi ko kwancewa kafin ka taɓa shi.