Manhaja ta ce hoton ƙirji lafiya lau: in sa hannu ko in sake dubawa?

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina shekara ta biyu a karatun ƙwarewa a fannin likitancin hoto a nan Gombe. An kawo mana manhajar ƙirƙirarriyar basira mai duba hoton ƙirji ta ba da maki na tarin fuka. Hotuna sun yi mana yawa, shi ne manya a ofis suka ce duk wanda makinsa ya yi ƙasa mu sa hannu kawai mu wuce. Raina bai kwanta ba. Idan wani abu ya kuɓuce mata, wa za a kama?

Amsa: Ke za a kama, ƙanwata, domin sunanki ne a ƙasan rahoton. Kuma rashin kwanciyar ran naki yana kan hanya.

Irin waɗannan manhajoji, kamar CAD4TB da qXR, an horar da su ne da ɗimbin hotunan da aka riga aka san wanne ne na mai tarin fuka, wanne ne ba nasa ba. Idan kika ba ta sabon hoto, tana auna yadda ya yi kama da na masu cutar, sai ta fitar da lamba. A CAD4TB lambar daga 0 zuwa 100 take, tare da launi a kan wurin da ya ja hankalinta. Lambar ba kaso cikin ɗari ba ce. Wanda ya samu 70 ba a ce yana da yiwuwar cuta kashi 70 ba. Kuma layin da ake yankewa a ce daga nan sama a tura gwajin kaki, mutane ne suke zaɓarsa, gwargwadon yawan cutar a wurin da kuma yawan gwajin kaki na GeneXpert da za a iya yi. A sauke layin, a kama masu cuta da yawa amma a cika ɗakin gwaji da masu lafiya. A ɗaga shi, aiki ya ragu, wasu masu cutar su tafi gida.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da irin wannan manhaja wajen tantance tarin fuka ga 'yan shekara 15 zuwa sama. Tantancewa aka ce, wato a ware wanda za a yi wa gwaji. Mizanin da hukumar ta yi amfani da shi a lokacin ga gwajin tantancewa shi ne ya kama aƙalla kashi 90 na masu cutar, ya kuma wanke aƙalla kashi 70 na marasa ita. Mu ɗauka manhajarku ta cika wannan daidai, kuka duba mutum 1,000, goma daga cikinsu na da cutar. Za ta kama tara, ɗaya ya wuce da ƙaramin maki. Cikin 990 da suka rage kuwa, za ta nuna 297 ba tare da suna da ita ba. Kin ga mutum 306 ta ɗaga, tara kacal ne na gaske. Shi ya sa ba a fara magani da maki, sai kaki ya yi magana. Wanda ya taɓa yin tarin fuka ya warke ma, tabon da ya rage a saman huhunsa yakan ci gaba da jawo masa maki mai yawa.

Amma ba wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya ba. Abin da nake ji kusan kullum, daga ma'aikata har da wasu likitoci, shi ne: "ai kwamfuta ta ce ba komai." Ba ta ce ba. Ba ta taɓa cewa haka ba. Abin da ta ce shi ne hoton bai yi kama da na tarin fuka ba, kuma tsakanin wannan magana da "lafiya lau" akwai tafiya mai nisa. Kamar maigadi ne da aka ba hoton ɓarawo ɗaya: wani ɓarawon daban zai zo ya wuce ta gabansa, har su gaisa. Wasu manhajojin suna neman abubuwa da dama, gaskiya ne, amma kowace tana da jerin abin da aka koya mata, kuma abin da ba ya cikin jerin ba ta ganinsa ko da ya cika rabin hoton. Kin karanta jerin taku? Su manyan da suka ba da umarnin sun karanta?

Ga misali irin wanda za ki haɗu da shi. Saurayi ɗan shekara 19, zazzaɓi na mako uku, ya rame, yana ɗan tari, ciki na ciwo. Aka tura shi hoton ƙirji saboda ana zargin tarin fuka. Maki ya fito ƙasa sosai, babu launi ko ɗaya a kan huhu. Manhajar ba ta yi ƙarya ba, huhun garau yake. Sai dai a ƙasan tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ta gefen dama, akwai siririn baƙin layi mai lanƙwasa tsakanin tantanin da hanta. Iska ce. Taifod ta huda hanji, abin da likitocin tiyata a Gombe da Bauchi suka san shi sarai. Wannan yaro ɗakin tiyata yake buƙata a daren nan. Idan kika bi umarnin ofis kika sa hannu, an sallame shi da maganin zazzaɓi, kuma takardar da ta sallame shi tana ɗauke da sunanki.

Ko a cikin tarin fukan ma tana da iyaka. Mai cutar ƙanjamau da garkuwar jikinsa ta yi ƙasa sosai zai iya samun tarin fuka hotonsa ya fito kusan fes, to me manhaja za ta gani? Sannan ingancin hoto: mara lafiya a kwance aka ɗauka AP, wato daga gaba zuwa baya, bai ja numfashi sosai ba, ya karkace, ko an yanke saman huhu. Mutum zai duba ya ce a sake. Manhaja sau da yawa lamba za ta ba ki kawai, da ƙarfin gwiwa iri ɗaya da na hoto mai kyau. Ban ma so in fara maganar masu shagunan hoto na bakin titi da ke ɗaukar hoton fim ɗin ƙirji da waya a jikin taga su tura wa wata manhaja, su buga sakamako su karɓi kuɗi. Wannan ba aikin likita ba ne, kasuwanci ne da ran mutane.

Akwai kuma abin da take yi wa idonki, wanda na fi jin tsoro ga mai koyo irinki. Idan kika fara ganin launin kafin hoton, idonki zai tafi can ya zauna, ki samu abu ɗaya ki gamsu, ki daina nema. Idan babu launi, sai ki duba sama-sama. Don haka ki juya tsarin. Ki karanta takardar da aka turo mara lafiya da ita, ki duba hoton da kanki manhajar na rufe, ki bi wuraren da abu ke ɓuya: saman huhu bayan ƙashin wuya, bayan zuciya, tushen huhu biyu, ƙasan tantani, haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya. Sai ki yanke hukuncinki, sannan ki buɗe makin. Idan kun dace, madalla. Idan ta nuna wurin da ba ki gani ba, ki koma ki duba shi da kyau, domin wani lokacin ita ce da gaskiya, musamman a ƙarshen yini da ido ya gaji. Idan kin duba kin tabbata inuwar haƙarƙari ce ko kan nono, ki rubuta haka a rahoto, kada ki canza ra'ayi don kunyar na'ura.

Su kuma manyan ofis, ki gaya musu cikin ladabi cewa manhajar za ta iya jera muku aiki, masu maki mai yawa su hau sama a fara da su. Wannan amfani ne na gaske. Idan kuma an dage sai hoto ya fita ba tare da likita ya gani ba, to ya fita da rubutu ƙarara cewa sakamakon tantancewar tarin fuka ne na manhaja, likitan hoto bai duba ba, kuma ba tare da sa hannunki ba. Ki nemi su ba ki umarnin a rubuce, ki kai wa shugaban sashenku.