Siffantawa da mutuntarwa a baitin damina

Tambaya: Malaminmu a Ringim ya ce mu fito da adon harshe a nan, na rasa ta inda zan fara:

Damina uwar talaka ce,
Gero ya sunkuya yana gaishe ta.

Amsa: Ƙanena, fara da layin farko. An ce damina uwa ce kai tsaye, ba a sa "kamar" ko "tamkar" ba, to siffantawa ke nan. Da an sa, ya koma kamantawa, kuma nan ɗalibai suka fi faɗuwa. Tasirinta shi ne ciyarwa da jinƙan uwa sun koma kan damina.

Layi na biyu mutuntarwa ce, amma ba don sunkuyawar ba, ai zangarniya in ta yi nauyi takan sunkuya da gaske. Gaisuwar ce aikin mutum. Ita ta mai da gero yaro mai ladabi a gaban uwarsa.