Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

"Goggo, na je ta'aziyyar ƙawata a Unguwar Rimi, mahaifiyarta ce ta rasu. Na riƙe hannunta na ce mata na san yadda take ji, tunda ni ma na rasa Baba. Sai ta janye hannunta, ba ta ƙara kallona ba har na fito. Me na faɗa da ba daidai ba? Me ya kamata in ce? In koma in ba ta haƙuri ne?"

'Yata, na karanta saƙonki na yi murmushi, domin a shekarunki ba na zaton za ki tambaye ni yadda ake gaisuwar mutuwa. Mu ba a zaunar da mu aka koya mana ba, bin iyayenmu muke yi a baya muna saurare. Amma murmushin bai daɗe ba, don na san abin da ya sa yarinyar nan ta janye hannunta. Ni ma na taɓa janye nawa.

A shekarar da aka kashe Murtala, 1976, muna haya a Tudun Wada, ɗaki ɗaya da rumfa, mijina yana aikin masaƙa a Kakuri. Da zafin bazara ya shigo, ƙyanda ta shiga unguwa tana bin gida gida. Ta kama ɗana na fari, shekararsa biyu da 'yan watanni. Ƙurajen sun fito, muka ce alhamdu lillahi tunda sun fito waje, haka manya suke faɗa. Daren kwana na biyar numfashinsa ya canza, ƙirjinsa yana shiga ciki yana fitowa da sauri. Mijina yana aikin dare. Na tashi na ɗauki mayafi, na kai bakin ƙofa, sai na tsaya. Na ce ina zan je da tsakar dare ba izinin maigida, bari gari ya waye. Gari ya waye muka kai shi asibiti, kafin azahar Allah ya karɓi abinsa.

Kin san al'adarmu da ɗan fari. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban surukai, ba na yi masa wasa sai in mun kaɗaita. To haka mutuwarsa ma. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, na zauna a lungu na rufe kaina, ana sa ran in nuna kunya in haɗiye. Na haɗiye kuwa. A rana ta biyu wata mata daga gidan da ke bayanmu ta shigo, mutuniyar kirki ce, har yau ina yi mata addu'a. Ta matso kusa da ni ta kama hannuna ta ce ta san abin da nake ji, ita uku ta binne. Sai ta shiga ba ni labarinsu ɗaya bayan ɗaya, wannan da zazzaɓi, wancan da gudawa, har ta fashe da kuka. Ni da aka zo yi wa gaisuwa, na tsinci kaina ina ce mata ta yi haƙuri. Da ta share hawaye ta ce ai ni yarinya ce, zan haifi wasu.

Abin da ke cikina a lokacin ba abin da take faɗa ba ne. Ni ina tsaye ne a bakin ƙofar nan da mayafi a hannu. Dare da rana nan nake komawa. Ba wanda ya san na tashi na fasa, ko mijina bai sani ba sai bayan shekaru. Da ta ce ta sani, sai na ji kamar ta rufe mini baki, domin idan an riga an san abin da ke zuciyarka, me ya rage ka faɗa? Kuma da ta ce uku, sai na ji ana auna ɗayana da ukunta, nawa ya zama ƙarami. Na zare hannuna a hankali na mayar cikin mayafi. Ta lura, kuma na ga abin ya sosa mata rai, kamar yadda ya sosa miki.

Da la'asar sai ga tsohuwar da ke sayar da koko da ƙosai a bakin layinmu. Ta zauna can gefe, ta ce, "Ya haƙuri?" Na ce, "Haƙuri sai Ma'aiki." Ta yi shiru mai tsawo, tana jan carbi. Can sai ta ce, ba ma ni take kallo ba, "Ashe abokina ya tafi. Kullum da safe sai ya tsaya a gabana ya miƙo hannu biyu, in na ba shi ƙosai ɗaya sai ya ƙi tafiya, wai ɗayan na innarsa ne." Ban san yana faɗin haka ba. Yaran gida ke kai shi, su dawo da shi yana cin ƙosansa. A nan kukan ya ɓalle mini, kunyar ɗan fari ta tafi, ba wanda ya hana ni. Tsohuwar ba ta ce in daina ba. Da na lafa ta ce, "Allah ya sa mai ceto ne," ta tashi. Washegari ta aiko da koko a kwano da zafinsa, shi ne abu na farko da ya shiga cikina.

Na ba kakarki labarin matan nan biyu bayan an yi arba'in. Ta ce mini mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta ce mai zuwa gaisuwa baƙo ne a bakin ƙofar zuciyar wani, sallama zai yi ya jira, ba zai kutsa ya ce ya san inda komai yake ba. Shi ya sa gaisuwar da muka gada tambaya ce. Ya haƙuri? Ya aka ji da haƙuri? In kin sake komawa, ya ƙarin haƙuri? Mai makoki in ta ga dama ta ce da godiya ta yi shiru, ba ta yi laifi ba. In ta ga dama ta buɗe baki, kin ba ta hanya.

Ki duba ko a kan Babanki. Mutum ɗaya muka rasa ni da ke. Ni na rasa ƙanen da na goya a bayana, ke kin rasa uban da kike jira ya ga aurenki. Tabarma ɗaya muka zauna kwana uku, amma ban ce miki na san yadda kike ji ba, don ban sani ba. To ina ga ƙawarki, da uwa ta rasa? Ba ki san ko ita ta yi jinya wata da watanni har ta gaji, yanzu tana jin kunyar gajiyar ba. Ba ki san ko maganarsu ta ƙarshe faɗa ce ba. Ba ki san ko tana hanya aka yi jana'iza ba ta ga fuskarta ba.

Malaminmu na Islamiyya ya taɓa karanta mana hadisin matar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar tana kuka a bakin kabari. Ya ce mata ta ji tsoron Allah ta yi haƙuri. Ita ba ta gane shi ba, ta ce ya rabu da ita, musibar da ta same ta ba ta same shi ba. Shi da ya tashi maraya, ya binne Nana Khadija, ya binne 'ya'yansa, bai tsaya ya lissafa mata nasa ba, ya wuce ya bar ta. Sai daga baya da ta zo ƙofarsa ya gaya mata haƙuri yana wurin bugun farko. Kuma lokacin da 'yarsa ta aiko masa ɗanta yana bakin mutuwa, saƙon da ya mayar shi ne abin da Allah ya karɓa nasa ne, abin da ya bayar nasa ne, komai a wurinsa yana da ajali, ta yi haƙuri ta nemi lada. Wannan za ki iya faɗa wa kowa da Hausarki.

Sauran kuma addu'a ce, ki zaɓa daidai da wanda ya tafi. Ga uwa irin ta ƙawarki, Allah ya jiƙanta, Allah ya kai haske kabarinta, Allah ya sa can ta fi mata nan. Ga magidanci da ya bar yara, ki ƙara da Allah ya raya abin da ya bari, ya albarkaci bayansa. Matarsa kuwa tana takaba wata huɗu da kwana goma, kada bakinki ya kai ga zancen za ta samu wani. Ga ƙaramin yaro, Allah ya sa mai ceto ne, kuma kada ki ce za a haifi wasu. Na haifi shida bayansa, babu wanda ya zauna a gurbinsa. Idan kin san marigayiyar, ki faɗi abu ɗaya na gaske da kika gani a wurinta, kamar yadda mai koko ta yi mini. "Ban taɓa shiga gidanku Mama ta bar ni na fita ban ci abinci ba." In ba ki da abin faɗa, ki ce, "Ban san me zan ce miki ba, na dai zo." Labarin Babanki ki ajiye shi. Wata rana ita da kanta za ta tambaye ki yadda kika yi da daren farko, ranar ce ranarsa, kuma ko a ranar ki ce ga yadda ya zame mini, kada ki ce haka zai zame mata.

Abin da ke damuna da ku yanzu, kuna tsoron shiru. Ku shiga gidan makoki waya a hannu, an yi minti biyu ba magana sai ku ji dole ku cike wurin. Wasu ma ba sa zuwa, hoton addu'a suke turawa a waya, irin wanda aka tura wa mutum ɗari. Ga tambayar me ya same ta, wane asibiti, me ya sa ba a kai ta da wuri ba. Wannan ta ƙarshen, da an yi mini ita a 1976, ban san yadda zan tashi daga tabarmar nan ba. Sannan a zauna ana jiran masu makoki su ɗora tukunya, alhali lokacin da Ja'afar ya yi shahada a Mu'uta, cewa Annabi ya yi a yi wa iyalinsa abinci, don abin da ya shagaltar da su ya same su.

Zancen ba ta haƙuri, ni ban san halin ƙawarki ba, ke kika san ta. Abin da na sani, bayan sadakar bakwai ake naɗe tabarmi, baƙin nesa su koma, gida ya yi tsit, a lokacin ne za ta riƙa jin kamar muryar uwarta daga ɗaki. Ki je a irin wannan ranar, da hantsi. Ki dama kunu ki zuba a fulas, in kin tarar da wanke-wanke ki naɗe hannun riga. In za ki tafi ki biyo ta nan Kawo, akwai tsamiya mai kyau da aka kawo mini, sai ki ɗiba.