Kafin ka ce a ba da kuɗi, karanta takardar mai tsayawa

"Maigida, an kawo mini takardar wanda ya tsaya wa mai cin bashi, ga sa hannu, ga hoto an manna. Me kuma zan duba kafin in ce a ba da kuɗin?"

Hoto? Ku yaran yanzu da kun ga hoto da hatimi sai ku ɗauka an gama. Duba katin shaida kuwa ba sai na koya maka ba.

Fara da adadi. A rubuta shi da lamba, a sake rubuta shi da kalmomi, su zo daidai. Sifili ɗaya ke mayar da 50,000 ta zama 500,000, amma "naira dubu hamsin kacal" ba ta gyaruwa. In ka ga kankara ko wani launin biro a wurin, mayar da ita. Wadda ta ce "na tsaya masa kan bashin da zai karɓa" babu adadi, rigima ce aka rubuta maka. Kuma ta faɗa ƙarara cewa zai biya in mai bashi ya kasa, don wasu kawo mutum kawai suke nufi da tsayawa.

Wa'adi ne ya fi cin mutane. Wani ɗan tireda ya karɓi naira 400,000 na wata shida, maƙwabcinsa ya tsaya masa. Wata na biyar ya dawo da daɗin baki, wai kaya na hanya, aka ƙara masa 200,000 da wata huɗu, ba a kira maƙwabcin ba. Ya biya 150,000, ya kulle shago, ya kashe waya. Da aka je wa mai tsayawa kan ragowar 450,000, sai ya ce shi bashin farko ya sani, an sauya yarjejeniya a bayan idonsa. Kuma doka na bayansa: in aka yi sabon wa'adi da mai bashi ba da yardar mai tsayawa ba, yana iya zare wuyansa gaba ɗaya. Har yau abin na ci mini rai, don macucin ɗan tiredan ya san haka tun kafin ya zo. Saboda haka a rubuta ranar karɓa da ranar biyan ƙarshe, kuma duk ƙari sai sabon sa hannu.

Shi ma sa hannun a gabanka za a yi shi, kada a kai gida a dawo maka da shi. In dangwale zai yi don ba ya karatu, a karanta masa cikin harshen da yake ji, a rubuta cewa an yi hakan, tare da suna da adireshin wanda ya rubuta takardar. In babu wannan, gobe sai ya ce bai san abin da ya dangwala ba.

Shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni kan bashi, waɗanda suka gani da ido. Ƙanen mai cin bashi ko yaron shagonsa kada ka karɓa, ranar da ya gudu tare za ka neme su ka rasa.