An yi mini sata a otel a Yamai, sun ce ba ruwansu

Tambaya: Salamu alaikum Maitre. Ni ɗan Tawa ne, na zo Yamai aiki na sauka wani ƙaramin otel, ɗaki jaka 20 kwana. Dare na biyu na fita cin abinci, da na dawo ba ordinatata a ɗaki kuma ƙofa a kulle kamar yadda na barta, lakile ma a resepsiyon na aje. Da safe kuma na tarar an fasa gilashin motata a cikin gidan otel ɗin, an ɗauke batir da jaka 600 da ke cikin motar. Jeran ya nuna mini takarda a bayan ƙofa wai ba su da alhakin kayan da ya ɓace. Don Allah ina da hakki ko in bar ma Allah?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah shi maida alheri. Kana da hakki, amma ba duka ukun ke da ƙarfi ɗaya ba, ordinata da batir maganarsu mai kyau ce, kuɗin nan kuwa su ne za su ba mu wahala.

Dokar da muke aiki da ita a Nijar kan wannan ita ce dokar farar hula da muka gada wajen Faransa, ayoyi uku ne a jere, masu lamba 1952 da 1953 da 1954. Ta farko ta ce mai otel ko mai masauki shi ne ma'ajin kayan da baƙo ya shigo da su, wato daga lokacin da ka karɓi ɗaki kayanka sun zama ajiya a hannunshi ko da ba ka miƙa mishi komi ba, ko da bai san mi ke cikin jakarka ba. Ta biyu ta ce in an sace ko an lalata, shi zai biya, ko ma'aikacinshi ne ya yi ko wani ne daga cikin masu shiga da fita. To ka ga ba aikinka ba ne ka gano ɓarawo, kuma ba sai ka nuna otel ya yi sakaci ba. Nan ne mutanenmu ke ruɗewa, don mun tashi da sanin cewa in ka ba maƙwabci amana ta ɓace ba da sakacinshi ba, ba ya biya, haka malamai suka karantar. Jeran ma da wannan tunanin zai zo maka, ya ce ƙaddara ce. Amma otel ba maƙwabci ba ne mai taimako, kuɗi ka biya, kuma baƙo ba shi da zaɓi, dole ya kwana ya bar kayanshi a gidan da ba shi ya ɗauki ma'aikatan ba, ba shi ke riƙe da sauran lakilolin ɗakin ba. Shi ya sa doka ta ɗora musu nauyin da ya fi na mai amana.

Mafitar da aya ta 1954 ta ba su ƙarama ce: fashi da makami, ko wani abu da ya fi ƙarfin kowa wanda ba yadda za a yi a tare shi. Da a ce 'yan bindiga suka ɗaure gardi suka kwashe kaya, da na ce maka ka yi haƙuri. Ɓarawon da ya haura katanga gardi na barci ba ya cikin wannan. Sai kuma mafita ta biyu da alƙalai ke dubawa, sakacin baƙon da kanshi, kamar wanda ya bar ƙofa a buɗe ya tafi salla, ko ya shigo da wanda bai sani ba ɗaki ya yi barci ya bar shi. A irin haka ana iya rage diyya ko a hana gaba ɗaya.

Ita takardar bayan ƙofa kar ta tsorata ka. Sharaɗi yana kama mutum ne in ya yarda da shi lokacin da ake ƙulla magana, kai kuwa ka cika fish a resepsiyon, ka biya, ka karɓi lakile, sannan ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa kafin ma ka ganta. Kuma ko sa hannu ka yi, ba sharaɗin da ke wanke mutum daga satar ma'aikacinshi ko sakaci mai muni. Amfanin takardar a wajensu guda ne, in ta ce a kawo kuɗi da zinariya resepsiyon a aje, za su nuna ma alƙali cewa an gargaɗe ka ka ƙi ji. Ka koma ka karanta ta da kyau ka ɗauki hotonta.

Ordinata ita ce mafi sauƙi. Ƙofa a kulle, ba a ɓalle ba, lakile a hannun resepsiyon, wannan kaɗai yana nuna da lakile aka buɗe, kuma lakile a hannunsu yake. Abin da za su ce shi ne wa ya ga ka zo da ordinata? A nan ma doka ta sassauta maka, irin wannan ajiyar ana tabbatar da ita da shaidun baki komi yawan kuɗinta, ba sai da takarda ba, alƙali zai duba kai wane ne da abin da ya kawo ka. Wanda ya zo aiki, abokan aiki sun gan shi da ita da rana, ga faktir ko kwalinta da lambarta a gida, ba wanda zai yi mamaki. Sai dai kar ka sa rai da kuɗin sabuwa, in ka saye ta jaka 400 shekara biyu da suka wuce, abin da irinta ke yi yau a kasuwa za a duba, wataƙila rabi ko sama kaɗan. Ayyukan da ke ciki, wanda na san su suka fi ƙona maka rai, da wuya a yi musu kuɗi.

Mota kuma tambayar ita ce a ina take tsaye kuma wa ke tsaron wurin. Ayoyin nan an rubuta su ne a 1804 zamanin doki da keken doki, ba su ambaci mota ba, amma hankalinsu ɗaya ne, abin da matafiyi ya kawo ya sa cikin gidan mai masauki yana hannun mai masauki. Taka tana cikin katanga, akwai ƙofa, akwai gardi, mai yiwuwa ma shi ya buɗe maka ya nuna maka inda za ka tsaya, to gilashi da batir suna wuyansu, don batir jikin mota ne ba kayan da ka manta ba. Da a bakin titi ka barta gaban otel, ko da gardi ya ce "bar ta nan Alhaji ina gani" ka ba shi na goro, da magana ta yi rauni ƙwarai, don titi ba gidansu ba ne kuma za su ce tsakaninka da gardi ne. Na sha ganin wannan a Yamai, parkin ya cika a ce ma baƙo ya tsaya waje, in haka ta same ka wata rana ka sa resepsiyon su rubuta lambar motar a fish ko a resi, wannan layi ɗaya yana nuna su suka tura ka can.

Sai jaka 600. Gaskiya ɗaya ce Malam, barin kuɗi cikin mota har gari ya waye shi ne abin da lauyansu zai kira sakaci, kuma alƙali zai saurare shi. Bayan haka tun 1889 a Faransa aka fara sa iyaka ga abin da otel ke biya na tsabar kuɗin da ba a miƙa a hannu ba, daga baya aka haɗa da kayan ado masu tsada, ta nan zai fara shigo maka. Ga kuma shaida, kuɗi ba su da lamba da ka riƙe, in ba ka da takardar banki ko resin inda ka karɓe su a ranar ko kwana ɗaya kafin nan, maganarka ce kawai da tasu. Ka sa su cikin abin da kake nema, ba laifi, amma ni ina ɗaukarsu abin ciniki ne wajen sulhu, ba abin da zan yi maka alkawari ba. Da ka miƙa su resepsiyon an ƙirga an ba ka resi, da ba gardama.

Wani abu, in ka bincika a intanet za ka ga ana cewa otel na biyan har ninki 100 na kuɗin kwana kan kayan ɗaki, ninki 50 kan kayan cikin mota, wato a lissafinka miliyan 2 da miliyan 1. Wannan gyaran Faransa ne na 1973, bayan mun samu 'yanci a 1960, ba dokarmu ba ce, kar ka kafa hujja da ita kuma kar ka yarda su kafa maka.

Abin yi yanzu, in ba a gyara gilashin ba kar ka taɓa, ka kira wisiye ya zo ya rubuta abin da ya gani, inda motar take, tsawon katanga, ƙofar ɗaki da ba a ɓalle ba, in an riga an gyara to hotuna da faktir ɗin gareji. In suna da kamara ka nemi a rubuce su adana hoton daren, don na'urorin suna goge tsoho su ɗora sabo cikin 'yan kwanaki, kuma in suka ce ya goge bayan ka rubuta musu wannan ma hujja ce. Ka riƙe resin ɗaki da kyau, shi ke nuna kai baƙonsu ne ba mai wucewa ba. Ka kai ƙara komisariya ka karɓi takardar shaida, amma ka sani 'yan sanda ɓarawo suke nema, ba su ke sa otel ya biya ba, kuma abin da na fi gani shi ne a kama gardi talaka a kulle kwana biyu mai otel na gidanshi hankali kwance, alhali shi doka ta kama. Asirans ɗinka in irin ta dole ce da yawancinmu ke yi don kontrol, wanda ka buge kawai take biya, ba ta san sata ba. In kuwa ka ƙara ta sata da fashewar gilashi, dokar CIMA, wato dokar asirans da ƙasashenmu ke aiki da ita, awa 48 ta ba ka ka sanar da masu asirans ɗin sata, kar ka tsaya jiran otel.

Daga nan sai takardar neman biya zuwa ga mai otel ɗin ba jeran ba, ta hannun wisiye, a jera kaya da kuɗinsu, a ba shi kwana takwas ko goma sha biyar, a kuma tambaye shi ko yana da asirans ta kayan baƙi. In ya zo da tayin biyan ordinata da gilashi da batir da kuɗin wisiye, ni a wurinka zan karɓa ko da jaka 600 ba su shigo ba, don shari'ar a Yamai za a yi ta kai kuma kana Tawa, kuɗin mota da na lauya za su ci rabonsu. Kawai ku rubuta sulhun ku sa hannu, da ranar biya a ciki, kuma kar ka janye ƙarar komisariya sai kuɗi sun shiga hannunka.