Ba na buguwa, ina sha ne don kada in tuna

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni direban keke napep ne a Gombe. Matata ta rasu wajen haihuwa bara, ta bar mini 'ya mace tana hannun mahaifiyata. Da farko ciwon baya ne ya sa aka ba ni taramol a asibiti. Bayan nawa ya warke, amma har yau ina shan mai 225 guda biyu a yini, ina korawa da lemon ƙara kuzari gwangwani uku ko huɗu, don in yi aiki har dare kada in koma ɗaki in tuna da ita. Ban taɓa shan giya ba, ba na buguwa, ba na barin sallah. Wani ɗalibi ya ce mini a mazhabar Malikiyya ƙwaya ba giya ba ce, kaɗan daga cikinta ba laifi. Haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙanta, Ya karɓi shahadarta, domin wadda ta mutu a haihuwa tana cikin waɗanda Annabi (SAW) ya ƙirga a shahidai. Allah Ya raya abin da ta bari.

Ɗana, hukuncin yana cikin maganarka da ka ce bayanka ya warke. Lokacin da likita ya rubuta maka, magani kake sha, kuma halal ne ba jayayya. Yanzu babu ciwon baya, abin da kake nema a jikin ƙwayar shi ne ta lulluɓe maka tunani. Wannan shan haramun ne, kuma wajibi ne ka kama hanyar rabuwa da shi.

Abin da ɗalibin ya faɗa maka yana da asali, sai dai ya ɗauko rabi ya bar rabi. Imam Al-Ƙarafi a littafinsa Al-Furuƙ ya raba abubuwan da ke taɓa hankali gida uku: wanda ke gusar da hankali tare da nishaɗi, irin giya, da wanda ke rikita hankali ba tare da nishaɗin ba, da wanda ke kwantar da mutum har ya daina ji da gani. Ya ce na farkon ne ya keɓanta da haddi da najasa da haramcin ko ɗigo ɗaya. Daga nan wasu suka fahimci cewa kaɗan daga sauran biyun ya halatta. To amma wane kaɗan? Malaman sun iyakance shi da gwargwadon da ba ya taɓa hankali ko kaɗan. Kai kuma da ƙwayar ba za ta taɓa maka tunani ba da ba ka ba da kuɗinka a kanta ba. Abin da suka sa sharaɗin kada ya faru shi ne ainihin abin da kake saye.

Sannan naka ba kaɗan ba ne. A asibiti ana ba da miligiram 50 ko 100, kuma iyakar da likitoci suke tsayawa ga babban mutum a yini ita ce 400. Kai kana shan 450, ba da sanin likita ba, daga hannun mai sayarwar da shi kansa bai san abin da aka zuba a ciki ba. Na tabbata ba da biyu ka fara ba. Abin da yake buƙatar ƙari duk bayan 'yan watanni, ba a gina masa hukunci a kan ƙanƙantar yau. A cikin Malikiyya ma Shehu Khalil ya kawo cewa malaminsa Al-Manufi ya sa wiwi cikin masu bugarwa, hujjarsa kuwa ita ce ya ga mashayanta suna sayar da dukiyarsu saboda ita, kuma ba a yin haka sai don wani daɗi da ake samu. Ka duba abokan sana'arka, nawa ne kuɗin cefane ya koma na ƙwaya? Ko da an yarda babu haddi a kai kuma ba najasa ba ce, rashin bulala ba ya mayar da abu halal. Ga kuma haramcin cutar da kai, wanda babu mazhabar da ta saɓa a kansa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, ya fi damuna. Taramol mai yawa yana kawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba, kuma ba ta sallama. Ƙarancin barci yana ƙara haɗarin. Kai kuma mata da 'yan makaranta kake ɗauka. In ta buge ka a tsakiyar titi rai ya salwanta, ba za ka ce ƙaddara ce kawai ba, tun da ka san abin da ka haɗiya kafin ka hau. Ranar da ka sha, haramun ne ka ɗauki fasinja.

Lemon kuwa halal ne a asalinsa, kamar shayi da goro. Amma sinadarin da ke cikinsa yana ɗaukar sa'o'i bai bar jiki ba, wanda ka sha da magariba shi ne ke hana ka runtsawa tsakar dare, ka tashi a gajiye, ka nemi ƙwaya. In ya kai ga bugun zuciya da rawar hannu ya shiga babin cutarwa. Ka rage zuwa ɗaya, kuma kada ka sha bayan azahar.

Kada jin fatawar nan ya sa ka yanke ƙwayar dare ɗaya. Jikin da ya saba zai amsa da gumi, zawo, ciwon gaɓoɓi, rashin barci da firgici, kuma a nan ne mafi yawa suke komawa su ce sun kasa. Ka je ɓangaren kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ka faɗa wa likita adadin da kake sha ba ragi, domin akwai magungunan damuwa da ba sa haɗuwa da taramol. Abin da zai tsara maka kana sha ana ragewa a hankali ya koma hukuncin magani, ba ka da zunubi a kansa. Tubarka ta fara ne daga ranar da ka ƙulla niyya ka nufi asibitin.

Sai ita kanta damuwar. Ina zaton an cika ka da "yi haƙuri, namiji ne kai" har ba ka samu inda za ka yi kuka ba. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuma ya ci gaba da ambaton Nana Khadija shekaru bayan rasuwarta, yana yanka akuya yana aika wa ƙawayenta nama. Tuna matarka ba rashin tawakkali ba ne. Ka ba tunawar lokaci da aiki: addu'a gare ta bayan kowace sallah, sadaka da sunanta ko da ruwan sha ne, gaisar da iyayenta ranar Juma'a.

Ɗakin da kake gudu, ba dole ne ka kwana a cikinsa kai kaɗai ba. Ka koma gidan mahaifiyarka na wani lokaci, ka ajiye keken bayan isha'i, ka ci tuwo cikin mutane, ka ɗauki 'yarka. Ina jin nauyin kallonta ne yake sa ka nisa, amma ita ba ta da laifi, kuma ta riga ta rasa uwa. Ka zaɓi mutum ɗaya, wanka ko limamin unguwarku, ka gaya masa komai har da ƙwayar. In kana zargin kanka cewa da ka kai ta asibiti da wuri da ba ta mutu ba, ka furta masa wannan ma. In kuma ya taɓa ɗarsuwa a ranka ka bi ta, kada ka kwana da shi, ka gaya wa likita a ranar.

Sallolin da ka yi kana sane da abin da kake karantawa sun inganta, babu ramuwa a kanka. Wadda ka yi ba ka san raka'a nawa ka kawo ba saboda nauyin ƙwaya, ita ce za ka sake. Wallahu a'alam.